Auduga, Lilin, Foliyesta da Biskos: Wane Yadi Ne Ke Iya da Zafin Bazara?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, jikin mutum dabara ɗaya yake da ita ta sanyaya kansa: ya fitar da zufa, iska ta busar da ita, bushewar ta tafi da zafin fata. Haka randa take sanyaya ruwa, ta hanyar tsattsafo da ke bushewa a bayanta. Idan aka naɗe ta da leda, ruwan ciki ba zai yi sanyi ba. Saboda haka tambayar da ya kamata mai sayen yadi ya yi ita ce: me wannan yadin zai yi da zufata? Zai sha ta ya miƙa wa iska, ko zai bar ta kwance a kan fata?

Amsar tana rataye ne da abubuwa biyu waɗanda mutane kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne asalin zaren, wato abin da aka yi shi da shi. Na biyu kuma yadda aka saƙa shi: kaurinsa, nauyinsa, da yawan ƙofofin da aka bari tsakanin zaren tsaye da na kwance. Shigar iska aikin saƙa ne. Shan zufa kuwa aikin zare ne. Shi ya sa za ka ga shadda mai nauyi, wadda auduga ce tsantsa, ta sha sitaci ta sha bugu, tana dafa mai ita a ɗakin taro, alhali yaro yana buga ƙwallo da rigar roba mai huji-huji bai damu ba.

Masana yadi suna da ma'auni na gane yawan danshin da zare ke riƙewa. Sukan busar da shi ƙarau, su ajiye shi a ɗaki mai matsakaicin danshi, sannan su auna nauyin da ya ƙara. Kilo ɗaya na auduga kan ja ruwa kamar giram 70 zuwa 85 daga iska. Lilin da biskos sukan kai giram 110 zuwa 130. Foliyesta kuwa giram 4 kacal. Wannan tazara ita ce tushen kusan duk wani bambanci da za ka ji a jikinka, har da na yamutsewa da na ƙarko.

Auduga ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun noma ta, sun gurje ta, sun kaɗa zare da mazari, sun saƙa, sun kai marina irin ta Ƙofar Mata an turo musu. Kowane silin auduga gashi ne da ke tsirowa a jikin gurya, gajere, wanda da wuya ya wuce tsawon gaɓa ɗaya ko biyu na yatsa, kuma a murɗe yake. Yana shan ruwa har cikin jikinsa. Da zufa ta fito, auduga za ta tsotse ta nan take, fata ta sami sarari. Matsalarta ita ce rowa: tana sha da sauri, amma ba ta saki da sauri. A zafin bazara na arewa, inda iska take a bushe, wannan ba laifi ba ne, domin rigar da ta ɗan jiƙe tana bushewa a hankali tana sanyaya jiki. Amma idan damina ta kankama, ko mutum ya sauka Legas ko Duwala ko Ankara inda iskar kanta a jiƙe take, rigar auduga mai kauri takan jiƙe sharkaf, ta manne a gadon baya, ta toshe ƙofofin saƙar da ruwa. A nan boyel da sauran yadudduka marasa nauyi suka fi shadda nesa ba kusa ba, duk da cewa asalinsu ɗaya.

Lilin daban yake tun daga gona. Daga ɓawon karan wani tsiro ake samun sa, kamar yadda muke ɓare rama mu yi igiya. Tsiron yana son ƙasa mai sanyi da laima, shi ya sa mafi yawan lilin mai kyau na duniya daga arewacin Faransa da Beljiyam da Holan yake fitowa. Ana tuge shi ne da saiwa, a shanya shi a gona makonni raɓa da ruwan sama su ruɓar da abin da ya manne zaren da kara, sannan a karya karan a taje. Wannan doguwar wahala ce ta sa yake tsada. Amma mutanen ƙasa mai zafi ne suka fara sanin darajarsa: Misirawan dā da shi suke sutura, kuma rigar da aka tono a Tarkan, kudu da Alƙahira, wadda ta haura shekara 5,000, ta lilin ce.

Abin da ya sa lilin ya fi kowa a zafi ba yawan shan ruwa kaɗai ba ne. Silinsa dogo ne, mai santsi, mai tauri. Saboda taurin, yadin ba ya kwanciya a jiki. Yakan ɗan tsaya nesa da fata, iska ta riƙa zagayawa a tsakani, ko da ya jiƙe. Yana kuma sakin ruwa da sauri fiye da auduga. Idan ka taɓa shi za ka ji sanyi-sanyi a tafin hannu, domin yana saurin janye zafi daga fata. A ganina, wanda ke yini a rana ko a ofis marar na'urar sanyaya ɗaki, idan aljihunsa zai iya, babu abin da ya kai masa lilin mai sakakkiyar saƙa. Sai dai taurin nan da ya ba shi sanyi shi ne kuma ya ja masa aibinsa, kamar yadda za mu gani.

Foliyesta ɗan man fetur ne. A shekarar 1941 wasu masana biyu, Winfil da Dikson, suka haɗa shi a Ingila, kuma sinadarinsa ɗaya ne da na gorar ruwan da muke sha mu yar. Ana narkar da robar, a matso ta ta ƙananan huji, ta fito silili ta daskare. Yau fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa foliyesta ne, saboda araha da ƙarfi. Tunda ruwa ba ya shiga jikin silin, zufa hanya ɗaya take da ita: ta bi tsakanin silalan ta fita. Idan an yi saƙar domin haka, kamar rigunan 'yan wasa, inda ake siffanta silin da kwaroro-kwaroro a bar huji a saƙa, zufar kan bazu a saman riga ta bushe nan da nan. Idan kuwa saƙa ce matsattsa mai santsi, irin ta yawancin hijabai masu araha da shafin riguna da atamfar roba, to zufar ba ta da wurin zuwa. Sai ta taru tana gangarowa a baya, tururi ya cika tsakanin fata da tufa, ƙurajen zafi su feso a wuya da ƙirji, musamman ga yara.

Ina jin takaicin abin da ake yi da shafi. Mace za ta sayi leshi ko atamfa ta auduga mai tsada, tela ya shafe cikin rigar da yadin roba mafi araha a kasuwa. Abin da ke taɓa fata shi ke hukunci, don haka kuɗin audugar ya tafi a banza. Wadda za ta kai ɗinki a bazara ta sayi shafin auduga marar nauyi da kanta ta haɗa wa tela, kada ta bar masa zaɓi.

Akwai kuma zancen wari. Foliyesta ba ya son ruwa amma yana son maiƙo. Maiƙon jiki da na man shafawa kan laƙe a silinsa, wanki da ruwan sanyi ba ya fitar da shi duka, ƙwayoyin cuta masu jawo wari su sami abinci. Shi ya sa rigar roba kan fito daga wanki tana ƙamshin omo, amma da jiki ya ɗumama ta na awa ɗaya sai tsohon warin hammata ya dawo.

Biskos shi ne wanda ya fi ruɗar masu saye. Ba roba ba ne, ba kuma zaren gona ba ne kai tsaye. Daga itace ake yin sa: a niƙa itacen ya zama ɓargo, a jiƙa shi da soda mai ƙarfi da wani sinadari mai guba, ya narke ya yi kauri kamar zuma, a matso shi cikin ruwan asid ya koma zare. Wasu Turawan Ingila uku, Kuros da Beban da Bidil, suka yi rajistar wannan dabara a 1892. Abin da ke fitowa ɗan'uwan auduga ne ta fuskar sinadari, amma ya fi ta laushi da sheƙi da zubowa a jiki. Dogayen rigunan mata masu sulɓi da sanyi, da gyale iri-iri, da yawansu biskos ne. A busasshen zafi yana da daɗi ƙwarai, yana shan zufa fiye da auduga. Amma idan zufar ta yi yawa yakan kumbura, ya yi nauyi, ya lafe a jiki, ya nuna shatin jiƙa a hammata da baya, kuma ya daɗe bai bushe ba.

To me ke kawo yamutsewa? A cikin silin auduga da lilin da biskos akwai dogayen sarƙoƙi da ke riƙe da juna da wani rauraunan ɗauri. Danshi da ɗumi kan kwance wannan ɗauri. Idan ka zauna a kujerar mota da 'yar zufa a jikinka, sarƙoƙin sukan zame, su sake ɗaurewa a yanayin lanƙwasar da ka zauna a kai, yadin ya bushe a haka. Wato son ruwan da ya sa waɗannan yadudduka suke da sanyi, shi ne dai ya sa suke yamutsewa. Guga ma da wannan hanyar take gyara su: mai guga ya yayyafa ruwa, ya ɗora dutse mai zafi, ɗaurin ya kwance ya sake kamawa a miƙe. Wanda ya goge busasshen lilin ba tare da yayyafi ba, gawayinsa kawai yake ƙonawa.

Lilin ne sarkin yamutsewa, domin silinsa ba ya miƙewa ya dawo. Kafin ka isa wurin ɗaurin aure, gwiwar hannu da cinya sun yi layi-layi masu kaifi. Wanda ba zai iya jure wannan ba ya nemi gaurayen lilin da auduga, ko mai ɗan kauri, wanda lanƙwasarsa ta fi taushi. Biskos na biye masa, auduga a tsakiya. Foliyesta kuwa ruwa bai dame shi ba, kuma a masana'anta an gasa shi an kafe siffarsa da zafi, don haka sai ka cusa shi a jaka ka fito da shi sumul. Zafi ne kaɗai maƙiyinsa. Tun daga wajen digiri 70 yake fara laushi, shi ya sa idan aka wanke shi da tafasasshen ruwa aka murɗe, yamutsewar da zai yi ba ta fita da sauƙi. Dutsen guga na gawayi, wanda ba a iya saita zafinsa, yakan bar masa ƙyalli a kan kalmasa da bakin aljihu, wani lokaci ma ya huda shi. Wannan ƙyallin narkewa ce, ba ta gyaruwa. A jikin takardar da ake maƙala wa tufafi akwai hoton dutsen guga da ɗigo a ciki: ɗigo ɗaya digiri 110, biyu 150, uku 200. Auduga da lilin suna ɗaukar uku; foliyesta da biskos kada su wuce biyu, kuma gara a goge su ta ciki.

Wajen ƙarko, foliyesta ne gaba in dai zancen gogayya da yawan wanki ake yi. Ba ya shigewa, ba ya saurin koɗewa, fumfuna ba ta cin sa a damina. Tsufansa ta wata fuska yake zuwa: ƙananan ƙulle-ƙulle su fito a wuya da inda jaka ke gogawa, su ƙi faɗuwa saboda ƙarfin silin, farinsa ya koma ruwan toka. Auduga da lilin suna da wata baiwa da ta dace da irin wankinmu na hannu: ƙarfinsu ƙaruwa yake idan sun jiƙe. Shi ya sa suke jure cuɗa da murɗa da bugu. Lilin ya fi auduga ƙarfi, yana kuma ƙara laushi da shekaru, sai dai idan kullum a layi ɗaya ake ninke shi ana danne shi da dutsen guga, a wannan layin zai fara tsagewa. Abin da ke kashe su biyun shi ne a bar su kwana da kwanaki a rana a kan igiya, da yawan zuba bilic, da ajiye su da danshi.

Biskos akasin haka yake. Idan ya jiƙe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Mai wanki ya cuɗa shi kamar atamfa, ya murɗe, ya rataya shi yana ɗigar ruwa, sai rigar ta saki ta wani gefe, ta shige ta wani, ɗinkin hammata ya zame. Ruwan sanyi yake so, da matsawa a hankali, da shanya a inuwa. Akwai 'yan'uwansa na zamani, modal da layosel, waɗanda aka gyara musu wannan rauni, amma sun fi tsada.

Yanzu mu shiga kasuwa, mu ce Kantin Kwari, da wani malamin makaranta da ke son yadi biyar na kaftani da wando da zai riƙa sawa aiki a watan Afrilu, a kan babur. Mai shago ya sauke masa bandir uku, duka farare, ya ce, “Alhaji, duk kotin ne, ɗari bisa ɗari.” Ba lallai ne yana ƙarya ba, sau da yawa shi ma abin da dila ya faɗa masa ke nan.

Abu na farko, malam ya ɗaga kowanne ya kalli haske ta cikinsa, sannan ya kara shi a baki ya hura. Wanda numfashi ya ratsa ya taɓa tafin hannu ba tare da an yi yunƙuri ba, iska za ta ratsa shi a kan babur. Na biyu, ya damƙi gefen yadin a hannu ya ƙirga goma ya saki. Na farkon ya buɗe sumul kamar ba a taɓa shi ba: akwai roba da yawa a ciki. Na biyun ya riƙe layuka masu taushi. Na ukun ma ya yamutse, amma yana da sulɓi da sanyi, yana zubowa daga hannu. Sai ya ɗiga ruwa a kan kowanne. A nan a yi hattara, domin sabon yadi yakan zo da sitaci ko wani shafe na masana'anta da ke hana ruwa shiga ko da auduga ce, don haka wannan gwajin ya fi gaskiya bayan wankin farko.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. A roƙi mai shago ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, a fita waje nesa da kaya, a riƙe shi da almakashi a kusanta ashana. Auduga da lilin da biskos sukan kama nan da nan, su yi warin takarda mai ƙonewa, su bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Foliyesta yakan noƙe ya guji wutar, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri da ba ya murjewa. Ƙyallen farko na malam ya yi duka biyun: ya ci da wuta, ya bar toka, amma bakinsa ya daskare ya yi tauri. Gauraye ne ke nan. A gefen irin wannan bandir akan ga an rubuta T/C, wato foliyesta da auduga, galibi kashi 65 da 35, ko T/R, wato foliyesta da biskos. Yadin maza da yawa da ake kira da sunaye masu daɗi irin wannan ne. A gwada zaren tsaye daban, na kwance daban, domin wani lokaci ɗaya auduga ne ɗayan roba.

Sauran biyun duk sun bar toka, to yaya za a raba auduga da biskos? A zare zare ɗaya mai tsawon taƙi, a jiƙa tsakiyarsa da yawu, a ja. Biskos zai tsinke cikin sauƙi daidai inda ya jiƙe. Auduga za ta yi gardama, kuma ta fi tsinkewa a busasshen wuri. Da haka malam ya gane na biyu ne auduga, na uku biskos. Da lilin ne, da zai ga 'yan kumbure-kumbure jefi-jefi a zaren, ya ji tauri da sanyi. Sai dai yanzu ana kwaikwayon kumburen da roba, don haka shi ma sai an kai shi gaban ashana.

Saura nauyi. Yadi biyar mai faɗin inci 60 ya kai kusan murabba'in mita 7. Idan aka ɗora shi a sikeli ya nuna giram 800 zuwa 900, kowace murabba'in mita tana wajen giram 120, daidai da bazara. Idan ya doshi kilo ɗaya da rabi, ya haura giram 200, wannan na hunturu ne ko da auduga ce zalla. Audugar malam ta faɗo a sahun farko, sai ya saya. Kafin ya kai wa tela, ya jiƙa ta a ruwa ta kwana, ya shanya a inuwa, ya goge. Dalili kuwa auduga da ba a riga an shigar da ita a masana'anta ba takan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko. A kaftani mai tsawon inci 40, wannan ya kusa inci biyu, ga hannu ya ɗage ya bar agogo a waje. Ya kuma ce wa tela ya sake masa jiki da hammata, kada ya cika aiki a ƙirji, domin zaren aikin injin galibi roba ne, ga takardar da ake mannawa a bayansa tana toshe iska.

Gaurayen da ya bari ba abin yarwa ba ne. Ga kayan makaranta na yara da ake wankewa sau uku a mako, ko ga matafiyi da ba shi da mai guga, T/C marar nauyi yana da amfaninsa, musamman idan audugar ce ta fi yawa. Inda ban yarda da roba ba ko kaɗan shi ne kayan jarirai, da kayan ciki, da zanin gado, da kuma tufar mai aiki a bakin murhu. Auduga da biskos ma suna kamawa da wuta, da sauri ma kuwa, amma foliyesta idan ya kama narkewa yake ya manne a fata, ƙunar ta yi zurfi. Mai tuyar ƙosai ko mai girki da itace ta tuɓe hijabin roba mai dogon hannu kafin ta sunkuya hura wuta, ta ɗaura zanin auduga mai kauri wanda bakinsa ba ya reto.